Darakta ya ce “kulos-of daga ƙasa, baya ya narke”, ni kuma hancin Alhaji kawai na samu

Ɗan_Yakasai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman masu ido a harkar kyamara su fitar da ni daga duhu. Muna ɗaukar wani gajeren fim a cikin gari, a wani ɗaki da tsawonsa bai wuce mita 3 da rabi ba, faɗinsa mita 3. Sin ɗin shi ne uba yana zaune a kujera yana yi wa ɗansa faɗa, ɗan yana durƙushe a gabansa. Darakta ya ce mini yana son kulos-of na uban, a ɗauka daga ƙasa, lo angul ke nan, kuma baya ya narke kada a ga komai sai fuskarsa. Kyamarata Canon 700D ce, da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55mm. Da na ga ɗakin ya matse sai na mayar da shi 18, na sauke kyamarar kusan ƙasa, na matsa dab da dattijon har sai da fuskarsa ta cika firem. Da muka duba a kwamfuta da daddare jikina ya yi sanyi. Hancinsa ya yi girma, kunnuwansa sun koma baya, hularsa ta ƙanƙance, ga fanka da kwan fitila a samansa, ga kalandar da ke bango ana karanta ta tsaf. Mutumin nan dattijo ne mai kwarjini, amma a hoton ya fito kamar wanda ake kallo a bayan cokali. Ranar Asabar za mu sake ɗauka. A ina na yi kuskure?

Sani_Edita:
Wa alaikumus salam. Lens ɗin ne. Wayid, wato lens mai ɗebo faɗi irin 18 ɗin da ka sa, yana lanƙwasa fuska, shi ya sa ba a yin kulos-of da shi. Ka samo 50mm magana ta ƙare.

UmmuHanif:
Ni ina ganin haske ne bai ishe ku ba. Ɗakunan cikin gari ai duhu gare su ko da rana tsaka. In za ku yi lo ɗin nan dole ku haɗa da fitila.

Ɗan_Yakasai:
Anti, ba ƙarancin haske ake nufi ba. Lo angul shi ne a sauke kyamara ƙasa da idon mutum tana kallonsa sama. Fitila muna da ita guda 2, haske bai ba mu matsala ba.

UmmuHanif:
Af, na fahimta yanzu. To ina nan ina saurare, don ni ma ina da tawa matsalar da waya.

Baba_MaiKyamara:
Ɗan_Yakasai, yarona, kafin ka je neman lens bari mu warware abin ɗaya bayan ɗaya, domin abu 3 darakta ya roƙe ka, kai kuma ka nemi ka biya su duka da dabara ɗaya.

Mu fara da hancin. Sani ya faɗi rabin gaskiya. Ba gilashin ne ya kumbura hancin ba, kusancin da ka yi ne. A 18mm, kafin kai da kafaɗu su cika maka firem a wannan kyamarar, sai ka zo kamar santimita 60 daga fuskar mutum. To tsakanin tsinin hanci da kunne akwai tazarar kusan santimita 10. Ke nan hanci yana 60, kunne yana 70. Abin da ya fi kusa shi ya fi girma a hoto, don haka hancin ya fi kunnen samun girma da kusan kashi 1 cikin 6. Ido ba ya yafe wannan. Yanzu a ce ka ja baya zuwa mita 1 da santimita 70. Hanci yana 170, kunne yana 180, bambancin ya koma kusan kashi 1 cikin 17, wanda shi ne yadda muka saba ganin mutum idan muna zaune muna hira da shi. Amfanin lens mai tsawo shi ne ya ba ka damar tsayawa can nesa kuma fuskar ta cika firem. A taka kyamarar 50mm daga mita 1.7 zai ba ka girman fuska daidai da wanda 18mm ya ba ka daga santimita 60.

In kana son ka gani da idonka, ka gwada yau. Ka tsayar da ƙaninka, ka ja baya mita 2, ka ɗauke shi a 18, kada ka motsa ka ɗauke shi a 55. Ka yanko fuskar daga hoton 18 ɗin ka faɗaɗa ta. Za ka ga siffar fuskar ɗaya ce a duka biyun, sai dai na 18 ɗin ya rasa tsabta saboda yankan da aka yi masa.

Sani_Edita:
Baba, da girmamawa, ni kullum ina zaune gaban hotunan nan ina yanka. Na sha ganin mutumin da ke gefen firem a wayid kansa ya miƙe kamar gwanda, alhali yana nesa da kyamara. Wannan ai ba kusanci ba ne.

Baba_MaiKyamara:
Gaskiyarka Sani, wannan kam akwai shi, kuma daban yake. Wayid yana jan abin da ke gefe da kusurwa ya miƙe, shi ya sa a hoton taron biki matan da ke bakin layi suke fitowa da faɗi. Amma Alhajin Ɗan_Yakasai a tsakiyar firem yake, kuma abin da ya bayyana, hanci gaba kunne baya, alamar kusanci ce.

Zee_Kunshi:
Allah ya saka da alheri Baba, ka amsa mini abin da ya daɗe yana damuna. Ina ɗaukar hannun amare idan na gama musu lalle, sai in ga yatsun da ke kusa da wayar sun yi kauri kamar rogo, wuyan hannu ya sirance. Wata amarya har ta ce in goge. Ashe kusantar da nake yi ne.

Abba_FarmCentre:
Zee, ki danna 2x ko 3x a wayar ki ja baya. Lens ɗin 1x na yawancin wayoyi wayid ne, kusan 24 zuwa 26mm a lissafin babbar kyamara, shi kuwa 0.5x ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Sai dai ki lura, ba kowace waya ce ke da lens na musamman na 2x ba, wasu yanko tsakiyar hoton kawai suke yi. Ko da hakan ne siffar hannun za ta gyaru tunda kin ja baya, amma ki yi a bakin ƙofa inda akwai haske don kada zanen ya dushe.

Ɗan_Yakasai:
Baba na gwada da ƙanina yanzu a tsakar gida, wallahi haka ne. To amma bayan fa? Na sa a 55 na ja baya, fuskar ta yi kyau, amma bangon bai narke yadda darakta yake so ba. Ya ɗan dushe ne kawai.

Baba_MaiKyamara:
To mun zo na biyu. Duba abin da aka rubuta a bakin lens ɗinka, za ka ga 3.5-5.6. Ma'anarsa a 18 ƙofar hasken tana buɗewa har f/3.5, amma da ka kai 55 ba ta wuce f/5.6. Lambar nan idan ta yi ƙasa ƙofar ta faɗaɗa, idan ta yi sama ƙofar ta tsuke. Ka raba tsawon lens da lambar za ka sami faɗin ƙofar: 18 a raba da 3.5 ya ba ka kusan milimita 5, 55 a raba da 5.6 kusan milimita 10, shi kuwa 50mm f/1.8 kusan milimita 28. In girman fuska a firem ɗaya ne, faɗin ƙofar nan shi ke faɗa maka yadda abin da ke can baya zai narke. Ka ga ke nan da 18 ɗin da ka yi aiki da shi, ko kwana ka yi kana murɗa fokas kalandar nan ba za ta ɓace ba.

Amma akwai abin da ya fi lens sauƙi, kuma kyauta ne. Nawa ne tsakanin kan Alhaji da bango?

Ɗan_Yakasai:
Kujerar a jingine take da bango. Bai fi santimita 30 ba.

Baba_MaiKyamara:
Ga ɓarawon nan. Abin da ke manne da mutum ba ya narkewa ko da lens ɗin miliyan ne, domin kusan layi ɗaya suke da fuskar da ka sa wa fokas. Ka janye kujerar daga bango. Kuma kada ka ɗauka ta faɗin ɗakin, ka bi tsawonsa, ko ma ka bi kusurwa zuwa kusurwa, wanda a ɗaki mai mita 3 da rabi da mita 3 zai ba ka sama da mita 4 da rabi. Kyamara a lungu ɗaya, Alhaji mita 1.7 daga gare ta, sai ya rage kusan mita 2 a bayansa. Daga santimita 30 zuwa mita 2, narkewar bangon za ta ninka fiye da sau 3 ba tare da ka taɓa komai a kyamara ba. In wurin ya ƙi, ka fitar da ƙafar kyamarar waje ka ɗauka ta bakin ƙofa. Mun sha yin haka a soraye.

Wani abin kuma da za ka samu: lens mai tsawo yana ɗebo ɗan yanki ne na baya. A 18mm da bango mita 1 bayan mutum, kusan faɗin mita 2 na bangon ke shigowa, da kalanda da soket da labule. A 50mm da girman fuska iri ɗaya, bai fi mita 1 da 'yan kai ba. Sai ka zaɓi abin da kake so ya zauna a wannan yankin, ka kawar da sauran.

Mai_Kwantiniti:
Don Allah a tuna da mu masu kula da daidaituwar kaya daga hoto zuwa hoto. In kun ɗauki wayid shot ɗin ɗakin kujera tana jingine da bango, sannan kuka janye ta a kulos-of, dole abin da ke bayansa ya yi kama da na farko. Na taɓa ganin aikin da a wayid taga tana hagun mutum, a kulos-of ta koma damansa. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya faru ba amma zai ji wani abu ya goce.

Sani_Edita:
Janye kujera gaba kaɗan ba a ganewa in baya ya narke, kullum ana yi. Juya ta zuwa kusurwa ne ke da haɗari. In za ku juya, ku sake ɗaukar wayid ɗin ma ranar Asabar, kada ku kawo mini abin da ba zai haɗu ba.

Kwankwasiyya_Fagge:
Ni fa duk wannan narkar da bayan ya ishe ni. Yanzu kowane bidiyo ka buɗe, mutum ne yana yawo cikin hazo kamar watan Janairu, ba ka san ko a Kano yake ko a Kaduna ba. Kun je cikin gari, kun sami ɗaki mai tarihi, sannan ku narkar da shi? Da sai ku rataya labule a Zoo Road ku huta.

Hauwa_Darakta:
Ina tare da kai rabi. Ni ba na cewa a narkar da baya sai ina da dalili. A sin irin wannan, lokacin da uba ya kai ga maganar da ta fi zafi, ina son duniya ta ɓace ya rage daga shi sai kalmarsa, a nan fokas mai siririn zurfi yana aiki. Amma farkon sin ɗin ina son a ga ɗakin: buzun salla, rediyo, allo a jingine, kwanon sha. Su ne ke gaya maka wane irin uba ne wannan kafin ya buɗe baki. Wannan aikin wayid ne da ƙofa a tsuke, kamar f/5.6 ko f/8, komai ya fito.

Abin da ya fi damuna a labarin Ɗan_Yakasai shi ne kalmar da daraktan ya yi amfani da ita. “Daga ƙasa” ba umarni ba ne cikakke. Ƙasa nawa? Ni idan na ce lo angul ina faɗa wa mai kyamarata tsayin: daidai ƙirji, daidai gwiwa, ko a ƙasa dungurungum. Ukun nan hoto 3 ne mabambanta.

Ɗan_Yakasai:
Hajiya Hauwa, wallahi bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Na ji “ƙasa” sai na kai ta ƙasa, kamar santimita 40 daga daɓe.

Baba_MaiKyamara:
Shi ne na uku. Mutumin da ke zaune a kujera idonsa yana wajen mita 1 da santimita 15 ko 20 daga ƙasa. Kai kana santimita 40, kuma kana dab da shi. Ke nan kyamarar ta ɗaga kai sosai, tana leƙen ƙasan haɓarsa da cikin hancinsa, abin da ke bayan kansa kuma ya zama silin da fanka maimakon bango. Hular ta ƙanƙance ne saboda ita ce ta fi nisa da lens. Kusancin nan ne dai ya sake dawowa, wannan karon a tsaye.

Ka tambayi kanka, idon wa kyamarar take wakilta? Ɗan da ke durƙushe. Idon wanda ya durƙusa ya zauna kan dugadugansa yana wajen santimita 85 zuwa 95. To nan za ka ajiye lens, kamar santimita 25 ko 30 ƙasa da idon uban. Daga nisan mita 1.7 wannan ɗagawar kusan digiri 10 ce kawai. Ta isa mai kallo ya ji yana ƙarƙashin mutumin nan, amma ba ta kai ta nuna silin ba, kuma fuskar tana nan da mutuncinta. Sannan ka sa kyamarar kusa da kafaɗar ɗan, yadda idon uban zai sauka dab da lens yana kallon ƙasa kaɗan. In ka juyo kan ɗan, sai ka ɗaga kyamarar zuwa tsayin idon uban da lens ɗaya da nisa ɗaya, don hotunan biyu su amsa wa juna.

Dogarin_Ƙofar_Kudu:
Amma Baba kada yara su ɗauka lo angul da wayid ba sa haɗuwa. Ni a hawan Sallah da shi nake cin abinci. In na durƙusa a gefen hanya da 16mm, doki ya taho, ƙirjinsa da kayan adonsa su cika hoto, mahayi da rawaninsa can sama a jikin sararin sama, babu kan jama'a a baya. Wannan girman da ya ɓata hancin Alhaji shi ne ke ƙawata doki.

Baba_MaiKyamara:
Ƙwarai kuwa. Abin da kake so ya girma shi kake kusantar wa lens. Kai ƙirjin doki ka kusantar, shi hanci ya kusantar. Kuma kai samanka sarari ne, shi samansa fanka.

Malam_Tsangaya:
Ni ba mai ɗaukar hoto ba ne, malamin makaranta ne, amma ina da tambaya. Wa ya ce ɗauka daga ƙasa yana nuna iko? A wajenmu babba yakan zauna a tabarma ko buzu, yaro ya shigo ya durƙusa, wani lokacin ma kan yaron ya fi na babban tsayi. Ikon yana wajen wanda ya zauna bai motsa ba, da wanda ya sunkuyar da kai. Ina jin kamar an ɗauko wannan ƙa'idar ne daga wasu mutanen da manyansu a tsaye suke magana.

Hauwa_Darakta:
Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na taɓa ɗaukar sin na uwa da 'yarta, uwar tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba har ta gama magana. Kyamara daidai idonta na ajiye, wato kamar santimita 70 daga ƙasa. Mai kyamarata ya ce ai wannan lo angul ne. Na ce a'a, kyamarar ce take ƙasa, amma kallonta a miƙe yake, ba ta ɗaga kai ba. Mutane suna haɗa abu biyun nan: tsayin kyamara daban, karkatarta daban. Kuma babu wanda ya kalli sin ɗin ya yi shakkar wace ce mai iko a ɗakin.

Sani_Edita:
Duk da haka yana aiki, Malam. Ka nuna wa ɗan shekara 7 hoton mutum daga ƙasa zai ce maka babba ne, domin haka yake ganin manya tun da ya fara tafiya. Wannan ba na wata ƙasa ba ne.

Malam_Tsangaya:
Girman jiki na yarda. Kwarjini ne ban yarda daga nan yake zuwa ba.

UmmuHanif:
To ga tawa. Ina sayar da atamfa da leshi da nake sarowa a Kantin Kwari, ina ɗauka da waya. In na sa Portrait baya yana narkewa da kyau, amma gefen leshin ma sai ya narke, ramukan su toshe. Wannan shi ne abin da kuke magana a kai?

Abba_FarmCentre:
A'a Anti, naki wayar ce ke ƙirƙirar narkewar. Tana hasashen inda kaya ya ƙare, sai ta shafe sauran, shi ya sa take rikicewa a leshi da gefen mayafi da gashi. Ga kayan sayarwa ki kashe shi gaba ɗaya, mai saye yana son ya ga zare. Ki shimfiɗa a kan farin zani, ki ɗauka daga sama a miƙe.

Ɗan_Yakasai:
'Yan'uwa ga rahoto. Na aro 50mm f/1.8 a wajen wani abokina, mun yi gwaji jiya a ɗakin da yayana a madadin Alhaji. Na janye kujera, na fitar da kyamara bakin ƙofa, tsayi santimita 90, nisa mita 1.7 da awon tef. Alhamdu lillahi fuska ta dawo fuskar mutum, fanka ta fita, kalandar ta zama wani ɗan launi kawai. Darakta ya gani ya ce haka yake nufi tun farko. Amma ga sabuwar matsala. Na buɗe a f/1.8, da yayana ya ranƙwafo gaba yana nuni da yatsa sai idonsa ya fita daga fokas, kunnensa ne ya fito tsaf. A ƙaramin allon kyamarar ban gani ba sai a kwamfuta. Kuma Alhajin namu mutum ne mai motsi in yana faɗa.

Baba_MaiKyamara:
Madalla. Yanzu ka shiga abin da ake kira siririn zurfin fokas da gaske. A 50mm, f/1.8, nisan mita 1.7 a kan kyamararka, yankin da ke da tsabta bai fi santimita 8 ba gaba da baya a haɗe. Faɗin tafin hannunka ke nan. Mutum ya ɗan gyara zama ya fita. Ka tsuke zuwa f/2.8 ka sami kusan santimita 12, ko f/4 ka sami kusan 17. Tunda yanzu akwai mita 2 a bayansa, ko a f/2.8 bangon zai narke, nisan ya riga ya yi maka rabin aikin. Lens ɗin nan ma ya fi tsabta a 2.8 fiye da a buɗe gaba ɗaya. Ka sani daga f/1.8 zuwa f/2.8 hasken da ke shiga ya ragu fiye da rabi, sai ka matso da fitila ko ka ɗaga ISO, wato ƙarfin da kyamara ke jin haske da shi, daga 200 zuwa 400 ko sama kaɗan. Kada ka taɓa shota, in kuna ɗaukar hoto 25 a sakan ka bar ta a 1/50.

Fokas kuma ka mayar da lens ɗin MF, wato na murɗawa da hannu, ka danna maɓallin faɗaɗa hoto zuwa 10x kafin ka fara ɗauka, ka sa a kan idon da ya fi kusa da kyamara. Ku yi gwaji da Alhaji ka ga iya inda yake ranƙwafowa, ka manna farar tef a zoben fokas ka yi alama 2, ɗaya yana jingine, ɗaya ya ranƙwafo. In akwai mai taimaka maka shi ya riƙa murɗawa kai kana kallon firem.

Hauwa_Darakta:
Ko kuma a gaya wa ɗan wasan gaskiya. Dattawan nan sun san aiki. Ka ce “Baba, a wannan shot ɗin motsin ya tsaya a ido da murya, hannu mu bar shi sai a matsakaicin shot.” Yawancinsu sun fi ƙarfi ma idan suka natsu.

Mai_Kwantiniti:
In ya nuna yatsa a wayid dole ya nuna a kulos-of, Hajiya, ko a ga kafaɗar ta motsa. In ba haka ba Sani zai dawo yana kuka.

Dogarin_Ƙofar_Kudu:
Ɗan_Yakasai, in kuna da sin a waje ka shirya tun yanzu. Ranar Kano da tsakar rana, a ISO 100 da shota 1/50, sai ka tsuke har wajen f/22 kafin hoto ya daina ƙonewa, kuma a nan babu abin da zai narke. Kafin ka sauko f/2.8 kana buƙatar filta ND64, mai rage haske mataki 6. ND8 mataki 3 ne kawai, zai kai ka f/8. Ka duba faɗin bakin lens ɗin kafin ka saya, na abokinka in sabon ne mai STM 49mm ne, in tsohon ne 52mm.

Kwankwasiyya_Fagge:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ku ɗauki guda a f/5.6 ku ajiye. Ranar da kuka zauna yanka za ku iya ganin cewa allon nan da ke bayansa ya fi narkakken bango magana.

Hauwa_Darakta:
Wannan shawara ce mai kyau, ba ta cin komai sai minti 5. Ni da zan ƙara da guda daidai ido, don maganar Malam ba ta bar raina ba.

Sani_Edita:
Ku ɗauko duka, amma ku rubuta a takarda wane ne wane, lens da lamba da tsayi. Kada a kawo mini kati mai fayil 40 babu suna.

Ɗan_Yakasai:
Na rubuta: 50mm, nisa mita 1.7, tsayi 90, f/2.8, sannan guda a f/5.6, sannan guda daidai ido. Saura abu ɗaya Baba. Na ɗan da ke durƙushe, in na ɗaga kyamara zuwa idon uban ina kallon ƙasa, abin da ke bayansa daɓe ne da ledar ɗaki mai zane ja da kore, kuma ba ta da nisa da shi balle ta narke. In shimfiɗa darduma mara ado a kai, ko in rage tsayin?

Mai_Kwantiniti:
In ka shimfiɗa darduma, ta shiga wayid ɗin ma.

Baba_MaiKyamara:
Ka fara gwada rage tsayin zuwa mita 1 da santimita 5 ka ga ko bangon da ke bayansa zai shigo maimakon ledar. Turo mini hoton gwajin kafin Juma'a in duba.